Sharhi: 07/11/2009, Nuwamba Ne Ko Yuli? Ruɗanin Rana Da Wata A Rubutu, Da Yadda Tsarin ISO 8601 Ke Warware Shi

Duk lokacin rajistar jarrabawa ko cike fom ɗin biza sai ka ji koke iri ɗaya, wai an canja wa mutum ranar haihuwa. Uba ya zo da takardar haihuwa a hannu yana cewa yarinyarsa 7 ga Nuwamba aka haife ta, ga silif ɗin da aka firinto kuma ya ce 11 ga Yuli, mai kwamfuta na rantsuwa cewa abin da aka ba shi ya buga. Galibi kuwa da gaskiyarsa. Shi ya buga 07/11/2009 da nufin rana sannan wata, na'urar kuma ta karanta da nufin wata sannan rana, babu wanda ya yi ƙarya, lambobin ne ba su faɗi wane tsari aka bi ba.

Tsari uku da duniya ke amfani da su

Kwanan wata abu uku ne, rana da wata da shekara, rigimar duk a kan wanda za a fara rubutawa ne. Tsari na farko shi ne namu, rana, wata, shekara, wanda Najeriya ta gada daga Birtaniya, Nijar kuma daga Faransa, kuma mafi yawan ƙasashen Turai da Afirka da Kudancin Amurka haka suke yi. Ya ma dace da bakinmu, don Bahaushe cewa yake "ranar 7 ga watan Nuwamba", rana ce ke fara fitowa. Na biyu shi ne na Amurka, wata, rana, shekara, su ma bakinsu suka bi, a magana sunan wata suke fara faɗa kafin lambar rana. Shi ya sa harin 11 ga Satumba 2001 suke rubuta shi 9/11, alhali in ɗan Kano ko Maraɗi ya ga wannan lambar ba tare da sanin labarin ba 9 ga Nuwamba zai ce. Na uku shi ne shekara, wata, rana, wanda Sin da Japan da Koriya ke yi, a Turai ma Hangari da Lituweniya haka suke rubutawa.

A da can, lokacin da takarda ba ta wuce ofishin da aka rubuta ta ba, wannan bambancin bai dami kowa ba. Abin ya zama matsala ne da kwamfuta da waya suka shigo, saboda manhajojin da muka fi amfani da su kamfanonin Amurka ne suka yi su, kuma sau da yawa kwamfutar da ka saya, musamman ta gwanjo, tana zuwa ne a saite a kan English (United States), mai girka manhaja ya danna Next, Next ya wuce bai taɓa wurin ba. To daga nan hannu na rubuta tsarin Najeriya, na'ura na karanta na Amurka.

Kwana nawa ne a shekara ke iya rikicewa

Wannan lissafi ne da kowa zai iya yi da kansa. Wata goma sha biyu ne, don haka duk lambar da ta wuce 12 dole rana ce, 25/04 ba shi da fassara biyu tunda babu wata na 25. Ruɗanin yana kan ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata, wato 12 sau 12, kwana 144. A cikinsu akwai 12 da ranar da watan lamba ɗaya ce, irin su 05/05, ko ka juya su ba abin da ya canja. Saura 132. Ke nan cikin kwana 365, kwana 132 na iya juyewa su koma wata rana daban wadda ita ma akwai ta a kalanda, kusan kashi 36 cikin 100 ke nan.

Girman kuskuren kuma ba ɗaya ba ne. 03/04 in ya juye wata guda ne kacal tsakanin 3 ga Afrilu da 4 ga Maris, amma 01/12 in ya juye, daga 1 ga Disamba an koma 12 ga Janairu, tazarar kwana 323 a shekara mai kwana 365. A ce ranar biyan bashi ce ko ranar ƙarewar magani, ka ga ba ƙaramin abu ba ne. In kuma aka yanke shekara zuwa lamba biyu, kamar 03/04/05, abin ya ƙara dagulewa, mu 3 ga Afrilu 2005 za mu ce, Ba'amurke 4 ga Maris 2005, mutumin Japan kuma 5 ga Afrilu 2003.

Yadda abin ke faruwa a teburin mai kwamfuta

Mu ɗauki misalin malamin da ke kula da rajista a wata makarantar sakandare, an ba shi ɗalibai 200 ya shigar da ranakun haihuwarsu a Excel, kwamfutar kuma tana kan saitin Amurka bai sani ba. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne Excel ba ya ajiye kwanan wata yadda ka gan shi a sikirin, lamba ɗaya yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki ne daga 1 ga Janairu 1900 wadda ita ce lamba 1. Abin da kake gani riga ce kawai aka sa wa lambar.

Malam ya buga 07/11/2009 yana nufin 7 ga Nuwamba. Excel ya ɗauki 07 a matsayin wata, ya ajiye 40005, wato 11 ga Yuli 2009. Lambar da ya kamata ya ajiye 40124 ce, an ƙara wa yarinya kwana 119 ke nan ba wanda ya lura, saboda a sikirin abin da ya fito shi ne 7/11/2009, kuma idon malam ya karanta shi da tsarinmu ya ga daidai ne. Ɗalibi na gaba an haife shi 25 ga Afrilu, malam ya buga 25/04/2009, Excel ya nemi wata na 25 ya rasa, shi kuma ba ya ƙorafi, sai kawai ya ajiye shi a matsayin rubutu kamar sunan mutum. In ranakun haihuwar sun bazu a shekara daidai gwargwado, cikin yara 200 ɗin wajen 72 za su juye, wajen 121 za su zama rubutu, ƴan kaɗan ɗin da suka rage ne masu rana da wata iri ɗaya za su tsira.

Asirin yana tonuwa ne ran da aka tura fayil ɗin zuwa wata kwamfutar mai saitin Najeriya ko Birtaniya, ita sai ta sa wa 40005 rigarta ta nuna 11/07/2009, ko kuma ran da aka loda shi a shafin rajista aka firinto silif mai sunan wata da haruffa. A lokacin mai yiwuwa an yi makonni, takardun asali an mayar wa iyaye, kuma abin da ya shiga rajista ya saɓa da abin da ke jikin NIN ɗin yaro, gyaran irin wannan kuwa kowa ya san zirga-zirga ne da takardar rantsuwa a kotu da kashe kuɗi.

Ta yaya za ka gane tun da wuri? Alama ta farko a ido take. In ba a taɓa jeren rubutun ba, Excel yana manna lamba a gefen dama na akwati, rubutu kuma a gefen hagu, to in ka ga kolum ɗin ranaku wasu sun jingina dama wasu hagu, kuma duk na hagun ranarsu ta wuce 12, ka tabbata an samu matsala. Ta biyu, na daman za ka ga sifilin gabansu ya ɓace, 07 ya koma 7, na hagun kuma suna nan yadda aka buga su. In kana so ka tabbatar, a ce kwanan watan yana akwatin A2, buga wannan a akwatin da ke gefe:

```
=ISNUMBER(A2)
```

TRUE na nufin Excel ya ɗauke shi kwanan wata, FALSE na nufin rubutu ne. Gwaji mafi sauƙi ma kafin ka fara aiki, buga 13/01/2025 a akwatin da ba komai, in ya jingina hagu kwamfutarka a tsarin Amurka take.

Wajen gyara ne mutane suka fi yin kuskure. Da yawa sai su zaɓi kolum ɗin su shiga Format Cells su canja zuwa tsarin rana da wata, su ɗauka shi ke nan. Wannan riga kawai ya canja, lambar 40005 tana nan, rubutun ma yana nan rubutu. Gyaran gaskiya kashi biyu ne, waɗanda suka juye a juyo su, waɗanda suka zama rubutu a yanka su a sake haɗawa, kuma fomula ɗaya tana yin duka:

```
=IF(ISNUMBER(A2),
  DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),
  DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2)))
```

Ma'anarta, in A2 lamba ce a musanya rana da wata, in rubutu ne a ɗauki lambobi huɗun ƙarshe shekara, biyun tsakiya wata, biyun farko rana. Amma tana da sharaɗi biyu. Dole ka tabbata duk ranakun da tsarin rana da wata aka buga su kuma a kwamfuta mai saitin Amurka, don in mutum biyu suka yi aikin a kwamfuta daban-daban aka haɗe fayil ɗin, fomular za ta juya waɗanda da ma daidai suke. Sannan rubutun ya kasance da sifilinsa cikakke, 25/04/2009 ba 25/4/2009 ba. In ba ka da tabbacin na farkon, babu wata dabara sai komawa ga takardun asali, domin da zarar 40005 ta zauna babu abin da ke jikinta da zai gaya maka an yi nufin Yuli ne ko Nuwamba.

Mene ne ISO 8601

ISO ƙungiya ce ta duniya mai tsara ƙa'idojin bai-ɗaya, hedikwatarta na Geneva a Suwizalan, hukumomin kula da ingancin kaya na ƙasashe su ne mambobinta, Najeriya SON ce ke wakiltarta. A 1988 ta fitar da ƙa'ida mai lamba 8601 a kan rubuta kwanan wata da lokaci, aka sake gyara ta a 2000 da 2004, a 2019 kuma aka raba ta kashi biyu. Zuciyar ƙa'idar gajeriya ce: shekara da lamba huɗu, wata da lamba biyu, rana da lamba biyu, a raba su da karan ɗori. Ranar haihuwar yarinyar nan sai ta zama

```
2009-11-07
```

Me ya sa wannan ba ya rikicewa? Lamba huɗun da ke gaba ita ce tuta, da ka gan ta ka san shekara ce, kuma babu wata al'ada da ta yaɗu a duniya ta rubuta shekara sannan rana sannan wata, don haka abin da ke biye wa shekara wata ne a wurin kowa, Ba'amurke da Bature da mu. Tsarin kuma daga babba ne zuwa ƙarami, kamar yadda muke rubuta kuɗi, dubbai kafin ɗaruruwa, ko agogo, awa kafin minti. Sifilin gaba kuma wajibi ne, 2009-11-7 ba daidai ba ne, saboda ana so kowane kwanan wata ya zama tsawonsa ɗaya.

Wannan tsawo ɗayan yana da wani amfani da duk mai ajiye fayil zai gani nan take. In ka sa wa rasiɗai suna da tsarinmu, 01-12-2024 zai hau saman 15-01-2024 in kwamfuta ta jera su, tunda daga hagu take kwatantawa, Disamba ta riga Janairu ke nan. In ka sa 2024-01-15 da 2024-12-01 kuwa, jerin haruffa da jerin lokaci sun zama abu ɗaya, da kansu za su bi layi. Ga shi kuma karan ɗori yana shiga sunan fayil lafiya, sandar nan mai karkata da muka saba kuwa Windows ba ya yarda da ita a suna.

Ƙa'idar ta haɗa har da lokaci. Ana sa harafin T tsakanin rana da agogo, a yi amfani da awa 24, sannan a nuna tazarar wurin da agogon duniya na UTC. Ƙarfe biyu da rabi na rana a Kano ko Yamai zai zama 2025-04-03T14:30:00+01:00, a Accra wannan lokacin 13:30 ne, a Makka kuma 16:30. Wannan ɓangaren injuna ne suka fi amfani da shi, irin saƙonnin da bankuna da shafukan intanet ke aika wa juna a bayan fage.

Shi kuma malamin rajista, da tun farko 2009-11-07 ya buga, Excel zai karanta shi 7 ga Nuwamba ko kwamfutar na kan saitin Amurka ko na Najeriya. In yana so ya riƙa ganinsa haka a sikirin sai ya shiga Format Cells, Custom, ya rubuta yyyy-mm-dd. Ƴan'uwanmu na Nijar masu Excel na Faransanci aaaa-mm-jj za su rubuta, sunayen fomulolin ma nasu daban ne.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan rana a farko hujjarsu ita ce a harkar yau da kullum rana ce ke canjawa, ita mutum ke buƙatar gani, shekara kowa ya san ta. Wannan gaskiya ne, mai rubuta katin ɗaurin aure ba shi da buƙatar fara wa da shekara. Amurkawa kuma suna cewa in ka buɗe kalanda wata kake fara nema kafin rana, kuma tsarinsu ya bi yadda suke magana, mutane sama da miliyan 300 ba za su bar abin da suka tashi da shi don wasu sun ruɗe ba. Duk da haka a Amurkar ma inda kuskure ke iya taɓa lafiya sun sassauto, hukumarsu ta abinci da magunguna, FDA, ta wajabta shekara, wata, rana a jikin lakabin kayan aikin asibiti a dokar da ta fitar a 2013. Kanada, wadda ke tsakanin al'adar Birtaniya da maƙwabciyarta Amurka har tsari biyun suka cakuɗe mata, gwamnatinta tsarin ISO take ba da shawarar a bi in da lambobi zalla za a rubuta.

Akwai kuma masu cewa duk a huta, a rubuta sunan wata da haruffa kawai. Ga idon mutum wannan ya fi komai, "7 ga Nuwamba, 2009" ba wanda zai juya shi. Fasfo ma ya haɗa hanyoyin biyu, duba shafin hotonka, a sama watan da haruffa aka taƙaita shi, a layuka biyun ƙasa da injin filin jirgi ke karantawa kuma shekara ce a farko sannan wata sannan rana, sai dai shekarar lamba biyu ce. Raunin haruffa shi ne harshe. Bafaranshe juin da juillet yake rubutawa, in an taƙaita su suna kama da juna, kwamfuta mai saitin Ingilishi ba lallai ta gane su ba, balle Nuwamba ko Afrilu namu, kuma ba sa jeruwa da kansu. Abin da ya fi dacewa da hankali shi ne raba aiki, haruffa ga wasiƙa da yarjejeniya da duk abin da mutum zai karanta, ISO ga tebur da sunan fayil da duk abin da zai bi ta na'ura.

Inda ƙa'idar ba ta kai ba

ISO 8601 ba doka ba ce a kan mai cike fom. In fom ya ce mm/dd/yyyy, kamar yadda fom ɗin hukumar shige da fice ta Amurka ke cewa, to haka za ka bi, wata a farko, in ya ce dd/mm/yyyy rana a farko. Wanda ya je shagon kwamfuta a cike masa ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta a gefen akwatin kafin a danna tura, kuma ya faɗi ranar da baki da sunan wata maimakon miƙa takarda mai lambobi zalla, musamman in ranar haihuwarsa ta faɗo tsakanin 1 da 12.

Ƙa'idar kuma kalandar Miladiyya kawai ta sani. Kwanan watan Hijira, wanda alhazai ke cin karo da shi a takardun Saudiyya, ba ya cikinta, in ka rubuta 1446-10-05 kana nufin 5 ga Shawwal, manhajar da ke bin ISO za ta ɗauka Oktoba ce ta shekarar 1446 Miladiyya, don haka dole a rubuta a fili cewa Hijira ce. Haka kwalin magani mai EXP 04/26, galibi wata da shekara ake nufi, Afrilun 2026, ba 26 ga Afrilu ba, amma wannan al'adar masana'anta ce, a tsarin ISO 2026-04 za a rubuta.

Sannan ba ta gyara abin da ya riga ya ɓaci. Tsohuwar rajistar da aka rubuta 07/11/2009 ba tare da an san wa ya rubuta ko da wace kwamfuta ba, mayar da ita 2009-07-11 ko 2009-11-07 duk zato ne, kuma sabon tsarin zai sa zaton ya yi kama da tabbas. Duk ofishin da zai koma tsarin ISO da tsofaffin bayanansa, ranakun 13 zuwa 31 zai iya juya su kai tsaye, amma waɗancan 132 ɗin sai an ware su an duba su ɗaya bayan ɗaya da takardar haihuwa ko katin asibiti ko rasiɗin asali a hannu.